Karanta lambar sanduna da lambar rukuni a cikin hoto: yadda ake tabbatar da kaya da ranar ƙarewarsu

Wannan takarda dominku ce, ku masu kula da mangaza a cibiyoyin lafiya, da ma'aikatan awon tamowa, da masu sa ido da ke zaune a gundumomin lafiya na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Sau da yawa kaya na isa ƙauye alhali mai sa ido yana nesa, ko kuma damina ta yanke hanya, sai a dogara da hoton da aka aiko ta salula don a san abin da ya iso da kuma ko ya dace a raba shi ga yara. Hoton na iya wadatarwa idan an san abin da ake nema a cikinsa. Idan ba a sani ba, yakan jawo ɗayan kurakurai biyu: a ba yaro abincin da wa'adinsa ya shige, ko a killace kaya masu kyau yara na jira.

Abu ɗaya muke so ku riƙe tun daga farko. A jikin leda ko kwali akwai rubutu iri uku, kuma kowane da tambayar da yake amsawa. Lambar sanduna, wadda ma'aikata ke kira kod-bar, tana faɗin wane irin kaya ne. Lambar rukuni tana faɗin a wane zubi aka sarrafa shi. Kwanan wata yana faɗin har yaushe masana'anta ta ɗauki alhakin ingancinsa. Ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya, kuma ba a cewa an tabbatar da kaya sai an ga ukun sun dace da juna, sun kuma dace da takardar rakiyar kaya.

Abin da lambar sanduna ke faɗi da abin da ba ta faɗi

Ƴar gajeriyar lambar sanduna da kuke gani a jikin gwangwanin madara ko ledar gari a kanti, mai alƙaluma goma sha uku a ƙasanta, sunanta EAN-13. Sandunan ba wani sirri ba ne: alƙaluman nan na ƙasa ne aka sake rubutawa ta yadda na'ura za ta iya karantawa. Saboda haka, ko da sandunan sun dushe a hoto, in dai alƙaluman sun fito, kun sami duk abin da lambar ta ƙunsa.

Wannan lamba iri ɗaya ce a kan kowace leda ta wannan kaya, ta bara da ta bana. An buga ta tare da zanen ledar tun kafin a zuba abinci a ciki. Don haka babu ranar ƙarewa a cikinta, babu lambar rukuni. Wanda ya haska ta da salula ya ga sunan kaya ya fito, ya tabbatar da suna ne kawai. Bai san komai ba tukuna game da wa'adi.

Alƙaluma uku na farko suna nuna ofishin ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambarsa a ƙarƙashin ƙungiyar GS1. Daga 300 zuwa 379 na Faransa ne, 615 na Najeriya, 890 na Indiya. Amma wurin rajista daban, wurin sarrafawa daban. Kamfani na iya yin rajista a wata ƙasa ya sarrafa kayansa a wata. Idan kuna son sanin inda aka yi kaya, ku karanta suna da adireshin masana'anta da ke rubuce a jikin kwalin. Ku lura kuma cewa ba dukan kayan agaji ke ɗauke da lambar sanduna ba, tun da ba don kanti aka yi su ba. Rashinta kaɗai bai isa a ce kaya na jabu ne ba. A irin wannan hali ana tabbatar da kaya ta sunansa, da nauyinsa, da sunan masana'anta.

Nauyi shaida ne mai ƙarfi, domin kayan tamowa suna kama da juna a hoto. Ledar abincin magani na gujiya da ake ba yara masu tamowa mai tsanani, irin su Plumpy'Nut, gram 92 ce, tana ba da kalori 500, kwalinta kuma na ɗauke da leda 150, wato kilo 13,8. Akwai wasu ledoji masu irin wannan fasali da aka tanada don tamowa matsakaiciya ko don rigakafi, amma sunansu da launinsu daban ne, abin da ke cikinsu ma daban. Haka madarar F-75 da F-100 ta cibiyoyin kwantar da yara: gwangwanayensu sun yi kama, aikinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Launi a hoto yana sauyawa da haske, rubutu ba ya sauyawa. Ku dogara da rubutu.

Yadda za ku gane kun kwafi lambar daidai

Alƙalami na ƙarshe a lambar sanduna ba ya cikin sunan kaya. Alƙalamin bincike ne, ana samunsa ta lissafi daga sauran sha biyun, kuma da shi za ku gane ko idonku ya yaudare ku a hoto mai duhu. Ga lamba ta misali, wadda muka fara da 952, alƙaluman da GS1 ta keɓe don koyarwa:

```
9520476185304
```

Ku ajiye 4 na ƙarshe a gefe. Ku tara alƙalami na ɗaya, na uku, na biyar, har zuwa na sha ɗaya: 9, 2, 4, 6, 8 da 3, jimla 32. Sannan ku tara na biyu, na huɗu, har zuwa na sha biyu: 5, 0, 7, 1, 5 da 0, jimla 18, ku ninka sau uku, ya zama 54. Ku haɗa 32 da 54, ya ba da 86. Nawa ya rage a kai 90, wato goman da ke gaba? Huɗu. Ya dace da alƙalamin da kuka ajiye, ke nan an kwafi lambar yadda ya kamata.

A ce walƙiyar haske ta sa kun karanta 8 na wuri na tara a matsayin 3. Jimlar farko za ta koma 27, duka ya zama 81, abin da ya rage a kai 90 kuwa tara ne. Tara ba huɗu ba ce, nan take kun san akwai kuskure, sai ku koma ga hoton. Wannan lissafi yana kama duk kuskuren alƙalami guda. Yana da iyaka ɗaya da ya kamata ku sani: idan aka juya alƙaluma biyu maƙwabta da tazarar biyar ke tsakaninsu, kamar a rubuta 16 maimakon 61 a misalin nan, jimla za ta zama 96, alƙalamin bincike ya sake fitowa huɗu, kuskuren ya wuce ba a gani ba. Don haka bayan lissafi, ku sake karanta lambar sau ɗaya daga ƙarshe zuwa farko.

Doguwar lambar da ke kan kwali

A kan kwalaye da yawa akwai takarda manne mai doguwar lambar sanduna, wadda alƙalumanta ke da baka-baka a tsakani. Sunanta GS1-128, kuma ita ce za ta iya ɗaukar rukuni da kwanan wata. Wani lokaci za ku ga ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige a madadinta, amma tsarin rubutun da ke gefensa ɗaya ne. Alƙaluman da ke cikin baka suna gaya muku ma'anar abin da ke biye da su:

```
(01)19520476185301
(11)250312
(15)270312
(10)25071B
```

Abin da ya biyo bayan (01) lambar kaya ce mai alƙaluma goma sha huɗu. A misalin nan, lambar ledar ce ta ɗazu aka sa mata 1 a gaba don a nuna kwali ne, alƙalamin bincike kuma ya sauya daga 4 ya koma 1. Kada wannan bambanci ya ruɗe ku, alƙaluma sha biyu na tsakiya su ne kuke kwatantawa. Wasu kamfanoni kuwa sukan ba kwali lambarsa daban gaba ɗaya. Bayan (11) ranar sarrafawa ce. Bayan (15) ranar da ingancin kaya ke cike har zuwa gare ta. Idan kun ga (17), ranar ƙarewar wa'adi ce. Bayan (10) lambar rukuni ce, wadda za ta iya haɗa haruffa da alƙaluma har ashirin.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kwanan wata a cikin wannan lamba yana farawa ne da shekara, sai wata, sai rana, kowane da alƙaluma biyu. Mu kuwa a makaranta da ofis mun saba da rana, wata, shekara. Wanda ya karanta 270312 da sabonsa zai ce 27 ga Maris 2012, ya ɗauka kayan sun lalace tun da daɗewa. Karatun gaskiya shi ne shekarar 2027, wata na uku, rana ta 12. Idan wurin rana ya zo da 00, kamar 270300, masana'anta ba ta ayyana rana ba, ana ɗaukar ƙarshen watan ne.

Kwanan watan da ke jikin leda

Lambar rukuni da kwanan wata ba a buga su tare da zanen leda ba. Ana fesa su da ɗigon tawada, ko a danna su a bakin ledar inda aka liƙe ta, a lokacin da ake zuba abincin. Shi ya sa suke da ƙanƙanta, suke saurin gogewa, kuma su ne suka fi ɓacewa a hoto. Ku neme su a gefen liƙi na sama ko na ƙasa, a gindin gwangwani, ko a gefen kwali.

Kalmomin da ke gabansu kaɗan ne, ku saba da su. LOT, BATCH ko harafin L shi kaɗai suna gabatar da rukuni. FAB, PROD da MFG suna gabatar da ranar sarrafawa. DDM, tsohon sunanta DLUO, da BB ko BBE, da jimlar « À consommer de préférence avant », duk suna nufin ranar da inganci ke cike har zuwa gare ta. DLC, EXP da « À consommer jusqu'au » suna nufin iyakar da ba a ƙetarewa. Idan an rubuta « avant fin » da wata da shekara kawai, wa'adin ya kai ranar ƙarshe ta watan.

A kasuwa akwai bambanci tsakanin DDM da DLC: busasshen abinci da ya wuce DDM da ƴan kwanaki ba lalle ne ya cutar da lafiyayyen mutum ba. Amma kayanmu magani ne ga yaron da jikinsa ya riga ya raunana. Bitamin da ke ciki suna raguwa da lokaci, man gujiya kuma yana iya yin ɗaci da wari. Don haka a cibiya kowace rana aka rubuta, iyaka ce. Ba a raba kayan da suka wuce ta bisa ganin damar ma'aikaci, ko da ledar ta yi kyau a ido. Ana ware su, a sanar da gunduma, a jira umarni a rubuce.

Tsarin rana da wata shi ma yana bambanta. Kayan da aka yi a Nijar ko a Turai yawanci suna sa rana kafin wata, wasu kayan Amurka kuwa suna sa wata kafin rana. Idan ɗaya daga cikin alƙaluman ya haura 12, babu ruɗani, shi ne rana. Idan duka biyun ba su haura 12 ba, kamar 05/11/26, sai an nemi shaida ta biyu. Ku kula kuma da sunayen watanni da aka taƙaita: JUN da JUL, ko JUIN da JUIL, harafi ɗaya ne ya raba su, kuma ɗigon tawada ɗaya da ya ɓace ya isa ya mai da wancan wannan.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke taimakawa. Abincin magani na gujiya yawanci wata 24 ne wa'adinsa daga ranar sarrafawa. Idan ranakun biyu da kuka karanta sun ba da tazarar shekara biyu, alama ce karatunku daidai ne. Idan sun ba da wata bakwai ko shekara biyar, ku sake dubawa.

Yadda ake ɗaukar hoton da zai yi aiki

Hoto ɗaya ba ya isa. Ga kowane rukuni ana bukatar huɗu: fuskar kwali gaba ɗaya, inda suna da nauyi da masana'anta suka fito, takardar da ke manne da kwali daga kusa, leda ɗaya da aka ciro daga cikin wannan kwalin, an ɗauki wurin rukuni da kwanan wata, sai takardar rakiyar kaya. Hoton ledar shi ne ke nuna cewa abin da ke ciki ya dace da abin da kwali ya faɗa, domin akan sake amfani da tsohon kwali a zuba ragowar wasu ledoji a ciki.

Ku fita da kayan bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, inda akwai haske amma rana ba ta dukansu kai tsaye. Ku kashe fitilar salula, domin ledar tana da ƙyalli, hasken zai dawo ya yi fari fat daidai kan rubutun. Ku goge idon kyamara da ƙyalle, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Ku shimfiɗa ledar ku miƙe ta da yatsu, ku riƙe salula daidai saitinta ba a karkace ba, nisan kamar taƙi ɗaya, ku taɓa wurin rubutun a fuskar salula har ya fito sarai kafin ku danna. Ya fi kyau ku matsa kusa da ku ja hoton da yatsa, domin jan yana dusar da ƙananan alƙaluma. Idan rubutun dannawa aka yi babu tawada, ku juya ledar har haske ya zo mata daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan.

Ku bar farin fili a hagu da dama na lambar sanduna. Na'ura na bukatar wannan fili don ta san inda lamba ta fara da inda ta ƙare, kuma hoton da aka yanke dab da sanduna ba ya karantuwa. Kafin ku aika, ku buɗe hoton ku faɗaɗa shi. Abin da ku da kanku ba ku iya karantawa ba, na gunduma ma ba zai iya ba.

WhatsApp yana rage nauyin hoto idan an aika shi ta hanyar da aka saba, kuma ƙananan rubutu ne ke fara tafiya. Idan rezo ya ba da dama, ku aika shi ta zaɓin Document, wanda ke barin hoton yadda yake. Idan rezo ba shi da ƙarfi, ku aika hoton yadda ya samu, ku kuma rubuta rukunin da kwanan watan da hannu a cikin saƙo, tare da sunan cibiya, ranar ɗauka da yawan kwalaye. Ku rubuta sunan wata da haruffa, kamar 5 ga Nuwamba 2026. Kada fuskar yaro, ko katin uwa, ko rajistar marasa lafiya su shiga cikin hoton.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Ga misali na koyarwa, lambobinsa ba na wani kaya na gaske ba ne. A ce ranar 10 ga Yuni 2026 wata cibiyar lafiya ta karɓi kwali 40 na abincin magani. Takardar rakiya ta nuna rukuni biyu: 25071B, kwali 28, da 24310A, kwali 12. Mai kula da mangaza ya aiko da hotuna gunduma.

Mai sa ido ya fara da tambayar wane kaya ne. Suna ya fito, gram 92, leda 150, lambar (01) iri ɗaya a kan rukunan biyu, kuma ta dace da takarda. Wannan mataki ya kammala.

Sai rukuni na farko. A hoton ledar, harafin ƙarshe bai fito da kyau ba: ana iya karanta 25071B, ana iya karanta 250718. Lambar rukuni ba ta da alƙalamin bincike, don haka lissafi ba zai raba gardama ba. Bai yi hasashe ba. Ya duba hoton kwali, inda aka rubuta (10)25071B da manyan haruffa, ya duba takardar rakiya ya ga B, ya kuma lura cewa ɗaya rukunin ma da harafi ya ƙare. Duk da haka ya nemi a sake ɗaukar ledar a inuwa kafin ya rubuta a katin ajiya. Dalilin wannan tsanani shi ne, idan wata rana aka ba da sanarwar janye wani rukuni, da wannan lamba za a neme shi, kuma rukunin da aka rubuta da kuskure ba zai fito a bincike ba, zai ci gaba da shiga hannun yara. Haruffan da suka fi ruɗarwa su ne B da 8, O da 0, S da 5, I da 1, Z da 2.

Rukuni na biyu ne ke da nauyi. A jikin ledar an rubuta:

```
LOT 24310A
FAB 05/11/24
BB  05/11/26
```

Idan rana ce a gaba, wa'adin 5 ga Nuwamba 2026 ne, saura kusan wata biyar. Idan wata ne a gaba, 11 ga Mayu 2026 ne, ke nan ya shige da wata guda, kuma leda 1800 ba za su rabu ba. Tazarar wata 24 ba ta taimaka a nan, tun da karatun biyu duk suna ba da shekara biyu. Mai sa ido ya koma ga takardar kwali, ya ga (15)261105. Tsarin wannan lamba ba ya sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa: shekarar 2026, wata na 11, rana ta 5. Wa'adin Nuwamba ne. Akwai kuma ƙarin shaida a cikin lambar rukunin: rana ta 310 a shekarar 2024 ta faɗo daidai 5 ga Nuwamba, kamar yadda rana ta 71 a 2025 ta faɗo 12 ga Maris. Wasu masana'antu suna tsara rukuninsu haka, wasu ba sa yi, saboda haka wannan ƙarin haske ne kawai, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai. Da a ce kwalin ba shi da doguwar lamba, sai a ware kwalaye 12 ɗin, a tambayi mangazar da ta aiko su, a ci gaba da rabo daga ɗaya rukunin har amsa ta zo.

Tabbatar da rana ba shi ne ƙarshen aiki ba, saura tambayar ko kayan za su ƙare kafin ta. Daga 10 ga Yuni zuwa 5 ga Nuwamba kwana 148 ne, wato mako 21. Idan cibiyar tana raba leda 450 a mako, kwalaye 12 za su ƙare cikin mako huɗu, muddin su aka fara fitarwa. Sai a jera su a gaba, a rubuta NUWAMBA 2026 da babban alƙalami a gefen da ake gani, a tura na Maris 2027 baya. Ƙa'idar ita ce wanda zai riga ƙarewa shi ke riga fita, ko da shi ne ya iso daga baya. Amma idan ƙaramar cibiya ce mai raba leda 60 a mako, cikin mako 21 leda 1260 kawai za ta fitar, 540 su rage, fiye da kwali uku da rabi. A nan sai a nemi gunduma ta mayar da kwali huɗu ko biyar zuwa cibiyar da ta fi yawan yara tun yanzu, lokacin da ake tsananin bukatarsu. Ku tuna kuma cewa uwa tana tafiya gida da rabon mako ɗaya ko fiye, don haka dole wa'adin ya wuce ranar da yaro zai ci leda ta ƙarshe.

Abin da hoto ba zai iya tabbatarwa ba

Hoto yana shaida ne a kan kwalin da aka ɗauka kawai. Kwali ɗaya mai kyau bai wanke sauran talatin da tara ba, don haka mai kula da mangaza shi ke duba lambar kowane kwali da idonsa yana sauke kaya, ya ware su rukuni-rukuni kafin ya ɗauki hoto.

Kwanan wata kuma alkawari ne mai sharaɗi. Masana'anta ta ba da wata 24 ne bisa cewa za a ajiye kayan a wuri busasshe, mai inuwa, da zafinsa bai haura digiri 30 ba. Ɗakin kwano a watan Afrilu ko Mayu yana wuce haka nesa. Ledar da ta huje, ko ta kumbura, ko mai ya jiƙa kwalinta, ko ɓera ya taɓa ta, ba a ba yaro ita ko da saura shekara guda a wa'adinta. Idan kun ga irin wannan, ku ɗauki hoton lahanin tare da lambar rukunin a hoto ɗaya.

Haka nan lambar sanduna ba hatimin gaskiya ba ce, duk mai injin bugawa zai iya kwafarta. Alamun da ya kamata su tsayar da ku su ne takarda da aka manna a kan wata, wurin kwanan wata da aka kankare ko ya yi haske fiye da kewayensa, rana da aka gyara da biro, rukunin leda da ya saɓa da na kwali, ko rukunin da babu shi a takardar rakiya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a dakatar da rabon wannan rukuni.

Idan hakan ta faru, ku ware kwalayen a kusurwa daban, ku rubuta KADA A RABA a jikinsu, ku shigar da yawansu da lambar rukunin a katin ajiya, ku aika hotunan huɗu ga mai kula da abinci mai gina jiki na gundumarku a ranar. Kada ku zubar da su, kada ku ƙona su, kada ku ba dabbobi, har sai umarni ya zo a rubuce. Yaran da ke kan magani kuwa ku ci gaba da ba su rabonsu daga rukunin da aka tabbatar, kuma idan babu wani rukunin a mangaza, ku faɗi haka a cikin saƙon farko domin a gaggauta aiko muku da wasu kayan.